An kira ni intabiyu Abuja ranar Talata, 60,000 za ta kai ni ta dawo da ni?

Nasiru Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani kamfani ya kira ni intabiyu a Abuja ranar Talata mai zuwa, ƙarfe tara na safe, ofishin yana Central Area. A saƙon sun ce za a fara da jarrabawar rubutu, waɗanda suka ci su zauna ganawa da manya, kuma mai yiwuwa a kai washegari. Abin da na iya haɗawa naira 60,000 ne. Na je tashar Kwangila nan Zariya na tambaya, an ce Sharon zuwa Zuba 12,000. Ban taɓa kwana Abuja ba. Don Allah masu sani ku taya ni lissafi, kar in je in maƙale.

Malam Garba Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa a dace, Nasiru. Kafin mu taɓa kuɗin, mu fara ƙirga kwanakin, don nan ne mafi yawan mutane ke yin kuskure. Kai a ranka tafiyar yini ɗaya ce, Talata. A zahiri tafiyar kwana biyu ce a can, yini uku. Litinin za ka tafi ka kwana. Talata ka yi jarrabawa. Ko da an gama komai a ranar, irin wannan taron ba ya ƙarewa da wuri: a ce tara, a fara sha ɗaya, a jira sakamako, a kira mutane ɗaya bayan ɗaya, kafin a zo kanka la'asar ta yi. Daga Central Area ka koma masauki ka ɗauki jaka, ka isa Zuba, ka jira mota ta cika, magariba ta gabato. Ba na ba kowa shawarar ya hau hanyar Abuja zuwa Kaduna da dare don kawai ya tsira da kuɗin ɗaki. To ka ga daren Talata ma a can za ka yi shi, ko ka ci ko ba ka ci ba. Duk lissafin da bai sa kwana biyu ba, lissafin fata ne kawai.

Auwal PZ:
Ni a ganina ba sai ya kwana ba. Ya yi asubanci ranar Talata, motar farko ta ƙarfe biyar da rabi, kafin tara yana Abuja. Ya huta da kuɗin otal gaba ɗaya.

Malam Garba Tudun Wada:
Auwal, mu auna hanyar. Zariya zuwa Kaduna kusan kilomita 80 ne, Kaduna zuwa Abuja kuma kusan 190. Ko hanya ta yi kyau, ba shingen jami'ai, ba wurin da aka mayar da hannu ɗaya saboda aiki, awa huɗu ce zuwa Zuba. Sannan motar haya ba agogo take bi ba, cika take jira. Ka zo biyar da rabi, fasinja na ƙarshe ya zo bakwai saura, ɗan kamasho ya gama lodi, direba ya tsaya shan mai. Ka isa Zuba sha ɗaya, kuma Zuba ba Central Area ba ce, akwai sauran tafiya mai tsawo a gabanka. Asubanci yana yi wa wanda aka kira Kaduna ko Kano, can kam ka yi sallar asuba a gida ka isa a kan lokaci. Abuja ƙarfe tara ba ya yiwuwa.

Hajiya Rabi Gyallesu:
Kafin ka kashe ko kwabo, ƙanena, ka tabbatar kiran na gaske ne. Ka duba ko ka taɓa neman aiki a wurin. Ka sa adireshin a Google Maps ka ga ko ofishin yana inda suka ce. Ka nemi lambar kamfanin ta wata hanya daban, ba wadda ke cikin saƙon ba, ka kira ka tambaya ko suna da intabiyu ranar Talata. Idan aka ce ka tura kuɗin fom, ko na gwajin lafiya, ko na riƙe maka gurbi, to ka zauna gida, damfara ce. Kuma tunda ka kira, ka yi tambaya biyu cikin ladabi: shin ganawar a ranar za a yi ko washegari, kuma suna mayar da kuɗin mota ga waɗanda suka zo daga nesa? Wasu ƙungiyoyi da manyan kamfanoni suna mayarwa, amma sai da rasit, kuma ba a ranar ba. Saboda haka ko sun ce suna bayarwa, kar ka sa shi a lissafin komawa. Ka dai roƙi rasit a tasha, ka adana.

Nasiru Samaru:
Na gode Hajiya. Na nema da kaina wata biyu da suka wuce, kuma ba su nemi ko sisi ba. Zan kira gobe da safe in sha Allah.

Malam Garba Tudun Wada:
To bari mu zauna da 60,000 ɗin. Zan yi amfani da 12,000 da aka faɗa maka, sauran kuma ƙiyasi ne na aiki, ka gyara su da abin da ka tarar.

Zuwa 12,000. Dawowa kar ka rubuta 12,000, rubuta 14,000, don kuɗin mota daga Abuja yakan ɗara na zuwa, kuma da yamma ko gab da ƙarshen mako direbobi na ƙarawa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 farashin tasha bai da tabbas, yana iya motsawa tsakanin zuwanka da dawowarka. Acaba ko keke daga Samaru zuwa Kwangila da dawowa, 1,000. Mun kai 27,000 ba ka taka cikin Abuja ba.

Zirga-zirgar cikin gari ita ce ke cin kuɗi a ɓoye. Mu ce a Kubwa ka sauka. Zuba zuwa Kubwa 1,000, ranar komawa wata 1,000. Kubwa zuwa cikin gari yawanci mota biyu ce, ɗaya ta kai ka Berger ko Sakatariya, wata ta ƙarasa da kai, ka sa 1,500 zuwa, 1,500 dawowa, wato 3,000 a yini. Yini biyu 6,000. Duka 8,000. Yanzu muna 35,000.

Abinci yini uku, 3,000 kowane yini idan wurin mai shayi da mai tuwo kake ci, ba gidan abinci mai gilashi ba, 9,000. Takardu da hoto 2,000. Kati da data 3,000. Wanki da guga da aski 2,000. Jimla 51,000.

Saura 9,000, kuma ba mu biya wurin kwana ba. Ɗaki mai sauƙi a gefen gari da za ka yarda ka rufe ido a ciki, ka sa 12,000 a dare, dare biyu 24,000. Ka ga da otal tafiyar 75,000 take nema, ba tare da ko kwabo na ko-ta-kwana ba. Amsar tambayarka ke nan: 60,000 za ta isa idan kana da gidan da za ka sauka. Idan babu, kana buƙatar ƙarin 15,000 a ƙalla, kuma gara ka nemo ta a Zariya inda aka san ka, da ka neme ta ta waya daga Zuba.

Auwal PZ:
Ai akwai masallatai. Mutum ya yi isha'i ya kwanta, da asuba ya yi wanka ya wuce. Baƙo ba ya rasa wurin kwana a masallaci.

Injiniya Bello Kongo:
Da can haka ne, Auwal, amma yanzu masallatai da yawa a Abuja ana kulle su bayan isha'i saboda tsaro, kuma mai gadi ba zai bar wanda bai sani ba ya kwana. Ko an bar shi, ka tuna abin da yake ɗauke da shi: takardun makaranta na asali, waya, kuɗin komawa. Ba wurin rataye kaya, ba tabbacin ruwan wanka, ba soket ɗin da zai bar waya ya yi barci. Wannan mafita ce ta wanda dare ya riska, ba abin da ake tsara tafiya a kai ba.

Nasiru, abin da ya fi shi ne ka fara neman mai masauki yau, ba ranar Lahadi ba. Ɗan Zariya ba ya rasa wani a Abuja: abokin karatu a ABU, ɗan unguwa mai shago a Zuba ko Dei-Dei, ɗan uwan da ke aikin gwamnati. Amma ka yi masa tambaya uku kafin ka ce ka samu wuri. A wace unguwa yake? Ƙarfe nawa yake fita aiki, kuma ta wace hanya? Zai iya riƙe ka dare biyu? Tambayar farko ce mai nauyi. Wanda ke Kubwa ko Gwarimpa ko Dutse yana kan hanyar da ka shigo, ka sauka ka huta. Wanda ke Mararraba ko Masaka yana ɗaya ɓangaren garin, sai ka ratsa Abuja gaba ɗaya kafin ka isa gidansa, kuma cunkoson safe na hanyar Nyanya sananne ne. Daga can, mai intabiyun tara sai ya fita kafin shida. Gidan kyauta ne, amma zai ƙara maka kuɗin mota da gajiya. Idan kuwa mai gidan yana shiga gari da motarsa da safe, ka samu rangwamen 1,500 kai tsaye.

Kuma kar ka je hannu rabbana. Daga cikin 9,000 ɗin da ta rage, cire 3,000 ka yi tsaraba, ko burodi ne da ƙuli-ƙuli da ɗan abin yara. Shi ke sa ka iya ƙwanƙwasa ƙofar nan karo na biyu idan aka sake kiranka.

Maryam Wusasa:
Ina so in ƙara wani abu game da otal, ga wanda dole sai ya kama ɗaki. Yawancinsu sha biyun rana ake barin ɗaki. Ka biya dare ɗaya, ka bar jakarka a ciki ka tafi intabiyu, ka dawo ƙarfe huɗu, za su ce ka shiga dare na biyu ko ka biya rabin kuɗi. Dabarar ita ce da safe ka haɗa kayanka, ka miƙa makulli, ka roƙi mai karɓar baƙi ya ajiye maka jakar. Idan an sallame ku da wuri, kafin azahar, ka ɗauki jaka ka kama hanya, ka tsira da 12,000. Idan an makara, ka sake biya ka kwana. Kar ka biya dare biyu tun farko, ba sa mayarwa.

Kafin ka biya kuma ka ce a nuna maka ɗakin. Murɗa famfo ka ga ruwa, gwada sakatar ƙofa daga ciki, sa caja a soket, ka tambayi ƙarfe nawa ake tada janareto da lokacin kashe shi. Minti biyu ne, amma shi ne bambancin wanda ya tashi da waya cike da wanda ya tashi da ita a mace.

Ga 'yan uwana mata masu karantawa, lissafinmu ya ɗan bambanta. Mace ba za ta kwana ɗakin abokin yayanta ba, kuma ɗakin da ya fi arha sau da yawa ba wurin da za ta natsu ba ne. Ko dai gidan 'yar uwa mai iyali, ko ta ƙara kuɗin ɗaki, kuma ta isa da rana tsaka, ba da magariba ba.

Sadiq Kofar Doka:
Me ya sa ba wanda ya ambaci jirgin ƙasa? Tikitin ƙaramin aji bai kai kuɗin mota ba, ga sanyi, ga kwanciyar hankali, kayanka ba sa yamutsewa.

Injiniya Bello Kongo:
Gaskiya ne tikitin shi kaɗai ya fi sauƙi, amma jirgin ba daga Zariya yake tashi ba, daga Rigasa ne. Sai ka haɗa kuɗin mota Zariya zuwa Kaduna, sannan daga Kawo ko Mando zuwa tashar Rigasa, wadda ke can ƙarshen gari, sannan tikiti, sannan daga inda ka sauka zuwa masauki. In ka tara su, bambancin da mota kaɗan ne, wani lokaci ma babu. Tikitin ta intanet ake saye, ana neman lambar NIN, kuma na Litinin yana ƙarewa da wuri saboda ma'aikatan da ke komawa Abuja. Idan ya ƙare, masu sayarwa a bayan fage za su ninka maka, kuma sunan da ke jiki ba naka ba ne. Wanda zai bi jirgi ya duba jadawalin ranar, ya sayi tikiti da zarar an buɗe, ya bar Zariya da tazarar awa uku a ƙalla. Kuma idan masaukinsa Kubwa ne ya sauka a tashar Kubwa, kar ya wuce har Idu, don daga Idu kuɗin tasi ba wasa ba ne.

Sadiq Kofar Doka:
Duk da haka ni jirgi zan zaɓa, Injiniya. Ba kuɗi kaɗai ake dubawa ba. Zama a jirgi kana duba takardunka ya fi awa huɗu a matse a Sharon, mutum huɗu a kujerar mutum uku.

Malam Garba Tudun Wada:
Kowa da hujjarsa. Ni abin da zan ce, mota canji ɗaya ce, jirgi canji uku, kuma kowane canji wuri ne da baƙo zai iya makara ko a cuce shi. Ga wanda bai san Kaduna sosai ba, mota da safe ta fi sauƙin sarrafawa. Nasiru ya zaɓa. In mota ce, ka kasance a Kwangila bakwai na safe ranar Litinin, ka shiga ta cikin tasha inda ake rubuta sunan fasinja, ba ta bakin titi mai ragin 2,000 ba. Za ka isa da azahar, ka ajiye jaka, kuma in da hali ka shiga gari ka ga ginin da idonka. Wannan zuwan zai ci 3,000 daga abin da ya rage, amma gine-ginen Central Area suna kama da juna, kuma neman ƙofa da ƙarfe tara saura kwata ya kayar da mutane da yawa.

Wani abu kuma: a tsakiyar Abuja babu acaba, an hana. Kar ka yi lissafin Zariya cewa in ka makara za ka tare mai babur ya tsallake da kai. In ka makara sai tasi na kai kaɗai, wanda tafiya ɗaya za ta iya cinye kuɗin abincinka na yini biyu. Kuma ka hau mota a inda mutane ke layi, kar ka shiga wadda ta tsaya maka ita kaɗai a gefen titi da mutum biyu uku a ciki, saboda 'yan wan cans, ɓarayin da ke fakewa da motar haya.

Kabiru Dan Magaji:
Ni shawarata ya nemi ɗaki a Suleja ko Madalla, haya ta fi sauƙi sosai, shekara ɗaya ba ta kai rabin ta Kubwa ba. Ma'aikata da yawa can suke zaune.

Hajiya Rabi Gyallesu:
Kabiru, ba komawa zai yi ba tukuna, intabiyu ne na kwana biyu. Maganarka za ta yi amfani ranar da takardar ɗauka ta fito, Allah ya nuna mana.

Bari in taɓa maganar kaya, don na ga Malam Garba 2,000 kawai ya sa, kuma na yarda da shi. Kar ka sayi sabon kaya saboda wannan tafiyar, ba ka da wurin sa a lissafi. Ka tafi da kaya biyu na shiga ofis, tunda ana iya kaiwa Laraba, da na uku na hanya. Kar ka yi tafiya da kayan da za ka shiga intabiyu da su, awa huɗu a mota ga zufa ga ƙura sun gama da su. A wanke a goge a Zariya tun Asabar, ka ce wa mai guga ya ninke maka ya sa a leda, ka shimfiɗa su a saman jaka, takalmi a ƙasa cikin tasa ledar. Da ka isa ka fitar ka rataye. Kar ka dogara da dutsen gugar masauki, ana iya ɗauke wuta a daidai lokacin da kake buƙata.

Auwal PZ:
Amma kamfani ne fa, Hajiya. Ai sai da kwat da laktaye. Da kaftani za su ɗauka bai waye ba.

Hajiya Rabi Gyallesu:
Ya danganta da wurin. Banki da kamfanonin lissafin kuɗi, eh, kwat suke so, wasu ma suna rubutawa a saƙon gayyata. Ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyi da yawa, kaftani mai tsabta da hula da takalmi sau-ciki ba wanda zai ɗaga gira. Idan saƙon bai faɗi komai ba, farar riga ko shuɗiya mai dogon hannu, baƙin wando, bel da baƙin takalmi da aka goge sun wadatar a kusan ko'ina. In dole sai kwat, aro ya fi saye. Ka gwada ta tun yau, ka duba kafaɗa da tsawon hannu, don kafaɗa ce tela ba ya iya gyarawa cikin sauƙi, wando kuwa rage tsawonsa aikin minti goma ne. In babu na aro, gwanjo a kasuwar Sabon Gari, amma ka ƙara kuɗin wanki a kai kuma ka ba shi kwana biyu. Sabon takalmi kuma kar ka fara sa shi ranar, zai ci maka dunduniya kafin ka isa ƙofa.

Nasiru Samaru:
Saƙon ya ce a zo da shiga ta ofis kawai. Ina da riga fara ɗaya da shuɗiya ɗaya, wando ɗaya. Ya isa?

Hajiya Rabi Gyallesu:
Ya isa. Wando ɗaya da riga biyu shiga biyu ce. Fara ranar Talata, shuɗiya Laraba. Ka cire wandon da zarar ka koma masauki ka rataye shi.

Maryam Wusasa:
Takardu kuma a Samaru za ka yi fotokwafinsu, inda shagunan ɗalibai suka sa farashi ya sauka. Kusa da manyan ofisoshin Abuja shafi ɗaya yana iya ninka na nan sau da yawa, ga layi. Ka yi saiti uku: sakamakon jami'a, takardar bautar ƙasa, ta sakandare, ta haihuwa, ta ƙaramar hukuma, katin shaida, da takardar tarihin aikinka. Hoton fasfo huɗu, biro biyu. Na asali su shiga fayil na roba saboda ruwa, kuma fayil ɗin a cinyarka yake tafiya, ba a but ba.

Usman Mai Waya:
Bari in yi maganar waya, tunda sana'ata ce. A 3,000 ɗin nan, ka sa 1,000 kati na kira, 2,000 data ta mako guda. Kar ka sayi ta kwana ɗaya don ta fi arha, tana ƙarewa bayan awa 24 ko ka yi amfani da ita ko ba ka yi ba, kuma takan mutu a daidai lokacin da kake neman hanya. Tun da aka ƙara kuɗin kira da data a farkon 2025, abin da 1,000 ke saya ya ragu, saboda haka ka duba da kanka kafin ka tashi. Lambobin yanzu iri ɗaya ne a duk layuka: `*310#` ka ga kuɗin da ke layi, `*323#` ka ga sauran data, `*312#` ka sayi data.

In kana da bashin kati a layin, biya shi kafin tafiya. Wanda ya ci bashi ta `*303#` ya manta, ya sa katin 1,000 a hanya, kamfani zai cire nasa nan take, ya duba ya ga kusan babu komai. Sannan katin kiran ya kasance a layin da ka rubuta a takardar neman aikin, don shi za su kira, kuma shi za ka mayar da kira da shi in ka rasa su. Kar ka ce komai ta WhatsApp za ka yi, mai gadin ƙofa da direban tasi da ma'aikacin da ya turo saƙo kiran kai tsaye suke ɗauka.

Abin da ke cinye data a tafiya ba taswira ba ce, bidiyo ne da sabunta manhajoji da waya ke yi da kanta. Kashe sabuntawar, ka sauke taswirar Abuja a Google Maps tun kana gida don ta yi aiki ko babu sabis, ka ɗauki hoton saƙon gayyata. Ka kuma rubuta adireshin da lambar mai masaukinka da ta wani na gida a takarda ka sa a aljihu. Waya tana mutuwa, tana faɗuwa, wasu ofisoshin ma a ƙofa suke karɓe ta. Fawa bank ka ara in ba ka da shi, ka cika shi daren Lahadi.

Injiniya Bello Kongo:
Usman ya tuna min da yadda za a riƙe kuɗin. Kar duka su zauna a banki, kar duka su zauna a aljihu. Kuɗin komawa, 14,000 da 1,000 ta zuwa Zuba, ka cire su tsaba tun daga Zariya, ka sa a ambulan cikin fayil ɗin takardunka, ka ɗauka babu su. Na kashewar yau da kullum ka nemi canji, 'yan 200 da 'yan 500, don direban da ka miƙa wa 1,000 da safe zai ce ba canji. Sauran ya zauna a asusu. Dalilin tsabar shi ne tiransifa tana maƙalewa, a cire maka kuɗi alat bai isa ba, kai kuma mota na shirin tashi. Cirewa a hanya ma da kuɗinta: mai POS yana da cajinsa, na'urar bankin da ba naka ba kuma tun Maris 2025 naira 100 take cira a kan kowace 20,000. Ƙananan kuɗi ne, amma a lissafin da ragowarsa 3,000 ce, ana jin su.

Shamsu Hanwa:
Ni nawa kiran Legas ne, Ikeja, mako biyu masu zuwa. Wannan lissafin zai yi min?

Malam Garba Tudun Wada:
Tsarin ɗaya ne, Shamsu, lambobin ne ba ɗaya ba. Legas yini guda ne cur a hanya kowane ɓangare, saboda haka tafiyarka yini huɗu ce zuwa biyar, kuma ka isa kwana ɗaya kafin ranar don jiki ya saki. Kafin ka fara lissafi, rubuta musu ka tambaya ko za a iya yin zagayen farko ta bidiyo tunda daga Zariya kake. Kamfanoni masu zaman kansu da yawa suna yarda, kuma tambayar ba ta rage maka daraja. In sun ƙi, je tasha ka samo farashin gaske ka buɗe naka zaren mu zauna a kai, kar mu cakuɗa da na Nasiru.

Nasiru Samaru:
Na kira su yau. Sun tabbatar da intabiyun, sun ce ganawar Laraba ce ga waɗanda suka ci, kuma ba sa mayar da kuɗin mota. Na samu wani yayan abokina a Dutse Alhaji, ya ce in zo dare biyu ba damuwa, kuma yana shiga Wuse da motarsa kullum ƙarfe shida da rabi. To amma idan ganawar Laraba ta kai yamma fa? Dare na uku ke nan.

Malam Garba Tudun Wada:
Haka ne, kuma gara ka faɗa masa tun yanzu cewa akwai yiwuwar dare na uku, kar ya ji daga baya. Tunda zai riƙa shiga da kai gari, ka rage 1,000 kowace safiya, sai ɗan abin da zai kai ka daga Wuse zuwa ofishin. Wannan 2,000 ɗin da 3,000 da ta rage bayan tsaraba da zuwa ganin wurin su ne abincin Alhamis da ko-ta-kwananka. Ranar Laraba ka sa wa kanka iyaka: in ka fito kafin ƙarfe biyu, wuce Zuba kai tsaye. In ya wuce haka, koma Dutse ka kwana, ka bi motar safe. Don haka ranar Laraba ka bar jakarka a but ɗin motarsa a Wuse, ba a gida ba, ka tambaye shi tun dare inda yake ajiye motar.

Sadiq Kofar Doka:
Dutse kusa take da tashar Kubwa. Ko dawowar ce ka duba jirgin, Nasiru, in jadawalin Alhamis ya dace.

Nasiru Samaru:
Zan duba, Yaya Sadiq. Zuwa dai mota zan bi. Gobe zan kai kayan wanki in yi fotokwafi. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ina neman addu'arku ranar Talata.